Rigar shadda ce a hannunki, kada hoto ya mayar da ita siliki

1/ 'Yan uwa masu sayar da dogayen riguna a intanet, yanzu da yawa sun koma haɗa hoton talla da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ban ga laifin hakan ba. Inda nake da magana shi ne yadda ake kwatanta yadin. Ra'ayina: ki rubuta yadin da ke hannunki, ko da wani ya fi shi kyau a hoto.

2/ Idan kika bar manhajar ta zaɓa da kanta, yawanci yadi mai santsi da ƙyalli take ba ki, mai zuba kamar ruwa. Kalmomi irin su `elegant`, `luxurious` da `flowing` can suke ƙara tura ta. Sai kwastoma ta ga siliki a waya, ɗan aike ya kawo mata auduga mai tauri.

3/ Mu ɗauki doguwar riga ta shadda. Shadda auduga ce da aka saƙa zanen a jikinta, launi ɗaya, sai haske ya bugi zanen yake fitowa. Tana da jiki, tana da sheƙi, kuma ba ta lafewa a jikin mace. Tsayawa take yi, ta karye gida-gida.

4/ Sunan kaɗai ba ya isa. In kika rubuta `shadda`, sau da yawa manhajar ba ta gane ba. In kika rubuta `brocade`, sai ta kawo miki yadi mai kauri da zaren zinari, irin na labule da kujeru. `bazin riche`, sunan da ake kiranta a Mali da Senegal, ya fi kusa, amma shi ma sai kin ƙara bayani.

5/ Abu uku za ki faɗa: nauyin yadin, yadda fuskarsa ke karɓar haske, da yadda yake zuba daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ga na shadda:

```
bazin riche cotton damask gown, stiff and crisp,
tone-on-tone woven pattern, polished sheen,
stands away from the body, few sharp angular folds,
soft side lighting
```

6/ Layi na uku shi ne zuciyar aikin. Yana cewa rigar ta ɗan buɗe daga jiki, ninkinta kaɗan ne kuma masu kaifi. Yadi mai laushi, irin na abaya, akasin haka yake: ninki da yawa, sirara, suna sauka a tsaye. Da ninki ido ke auna nauyin yadi tun kafin hannu ya taɓa.

7/ Layin ƙarshe kuma na haske ne. Hasken da ya zo daga gefe yana jefa 'yar inuwa a cikin saƙa, sai zanen ya bayyana. Wanda ya zo gaba da gaba shafe komai yake yi, shadda ta koma kamar leda.

8/ Kada ki ce iska na kaɗa rigar, don shadda ba ta tashi sama kamar mayafi. Ki sa mai rigar ta tsaya, ta ɗan lanƙwasa hannu ɗaya.

9/ Da hoton ya fito, ki rataye rigar gaske kusa da ke, ki zuƙo hoton, ki duba wuri uku. Gwiwar hannu: akwai karyewa ko sumul take? Bakin rigar ta ƙasa: ya tsaya ko ya kwanta a ƙasa kamar an zuba mai? Sai zanen: yana bin ninki yana ɓuya a ciki, ko an manna shi a sama? In ɗaya ya saɓa, ki gyara kalmar da ta shafe shi kaɗai, ki sake.

10/ Akwai kuma iyakar da rubutu ba ya wucewa. Manhajar ba za ta zana ainihin furen shaddarki ba, nata za ta ƙirƙira. Don haka ki ɗauki hoton yadin na gaske daga kusa, a hasken rana, ki sa shi kusa da wancan, ki kuma rubuta a fili cewa na farkon haɗawa aka yi.

11/ Na san wata za ta ce, ai kowa ya san hoto ne, kuma mai ƙyallin ya fi jawo ciniki. Haka ne, yana jawowa sau ɗaya. Amma wadda ta biya kuɗi saboda bikin ƙanwarta ba ta taɓa yadin ba, da ido ta saya. In ta buɗe leda ta ga wani abu dabam, algus za ta kira shi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Kuɗin mayar da kaya a kanki, sannan hotunan biyu su zaga guruf ɗin ƙawayenta.

12/ Mai neman shadda taurin nan da sheƙin nan take biya wa kuɗi. Ki bar su su fito a hoton.