"Ba Ni Labarin Wata Rana..."

Matasan Gwale masu digiri daga Jami'ar Bayero sukan daburce a intabiyu idan aka ce, "Ba ni labarin ranar da ka magance wata matsala." Amsar gaɓa huɗu ce: halin da aka shiga, nauyin da ke wuyanka, matakin da ka ɗauka, da sakamako. A ce kana tsaron shagon yayanka a Kantin Kwari, lissafin bashi ya rikice, ya ce ka gyara kafin azumi. Ka ware wa kowane mai bashi shafinsa, ka riƙa kiransu duk Asabar, har rabin kuɗin ya dawo. Inda muke faɗuwa, a ganina, kunya ce: mai tambaya yana neman abin da kai ka yi, kai kuma kana ta "mun yi, mun yi". Mataki ya cinye fiye da rabin amsar. Bayanin hali, jimla biyu sun isa.