Kafin ka biya faktir, je ka dubi kwantarka

Yawancinmu idan takardar NIGELEC ta iso, jimillar kuɗin kawai muke dubawa, mu yi tsaki mu biya. A ganina, layin da ya fi cancantar a duba shi ne na "index", wato lambar da aka ce an karanto a kwantarka.

A ce tsohuwar lambar 4210 ce, sabuwar kuma 4530. An caje ka kilowat 320 ke nan. Ka je jikin bango ka tarar kwantar na nuna 4390 a yau. Kwanta ba ta komawa baya, don haka kilowat 140 ba ka sha su ba. Ko dai mai karatu ya tarar da gida a kulle aka yi ƙiyasi, ko hannu ya kuskure wajen rubutu.

Wasu za su ce wata mai zuwa lissafi zai daidaita. Kilowat ɗin za su daidaita, kuɗin kuwa ba lalle ba, domin farashi hawa-hawa ne: ƙarin na iya tura ka matakin da ya fi tsada.

Ɗauki hoton kwantar da wayarka, lambarta ta fito sosai, ka haɗa da faktir ɗin watan jiya, ka kai ofishinsu tun wa'adin biya bai cika ba.