Kafin ka ce wa AI ya canza bayan hoto, fara gaya masa abin da ba zai taɓa ba

Yau ba darasin "danna nan, danna can" na zo da shi ba, ra'ayi ne, kuma na san wasu ba za su yarda ba. A ganina yawancinmu muna rubuta umarnin gyaran hoto a baibai. Mukan ɓata kalmominmu wajen kwatanta abin da muke so ya canza, mu bar abin da muke so ya tsaya babu mai gadi. Alhali abin da zai tsaya ɗin shi ne dukiyar.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu. Ƙanwata tela ce, a sitatus ɗin WhatsApp take tallan ɗinkinta. Ta ɗinka doguwar riga ta atamfa, shuɗiya mai ganye ruwan ɗorawa, da botira shida a ƙirji. Ta rataya ta a tsakar gida ta ɗauki hoto. Rigar ta fito ras, sai dai a bayanta ga janareta, ga bokiti, ga igiyar shanya. Sai ta ɗora hoton a wata manhajar AI ta rubuta layi ɗaya, cewa a mayar da bayan ya zama shago mai kyau. Hoton da ya fito, wallahi sai ka rantse a Dubai aka ɗauka. Ta saka, wata baiwar Allah ta gani ta tura kuɗi. Da rigar ta isa, matar ta kira tana faɗa: ba wannan ta saya ba. Muka ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Shuɗin ya koma wajen kore-kore, ganyen atamfar sun ƙara girma, botira shida sun zama biyar. Matar ce da gaskiya. Ƙanwata ba ta yi niyyar yaudara ba, amma hoton ya yi ƙarya a madadinta, kuma ita ta biya kuɗin dawo da kaya.

Me ya jawo haka? Manhajojin da ake hira da su, irin su ChatGPT da Gemini, ba almakashi suke sawa su yanke rigar su liƙa a sabon wuri ba. Suna kallon hotonka ne su sake zana shi, suna ƙoƙarin kwaikwayon abin da suka gani. Duk wurin da ba ka ce komai a kansa ba, an bar wa manhajar ta yi yadda ta ga ya dace. Ita kuwa ba ta san botiri na shida yana da muhimmanci ba, a wurinta riga ce mai botira kawai. Shi ya sa na ce rabin umarninka, ko fiye, ya kamata ya tafi wajen lissafa abin da ba za a taɓa ba, da sunansa da adadinsa.

Ga yadda muka sake rubuta nata. Ni da Turanci nake rubuta irin wannan, don na fi samun biyayya a kan ƙananan bayanai:

```
Change only the background to a plain light grey wall.
Keep the dress exactly as it is: same blue, same yellow
leaf print and size, same six buttons, same folds.
Keep the light from the left, the framing and aspect ratio.
Do not retouch or sharpen the dress.
```

Ku lura, layi ɗaya ne kacal yake maganar canji: a mayar da bayan bango ruwan toka mai haske. Sauran duk gadi ne. Kuma ba mu tsaya ga "bar komai yadda yake" ba, saboda "komai" ba ya nuna wa manhajar inda za ta sa ido. Mun ambaci shuɗin, mun ambaci girman ganyen, mun ƙirga botiran. Layin ƙarshe yana hana ta yi maka gwaninta, domin da yawansu suna son goge tamoji su ƙara sheƙi ko ba a tambaye su ba.

Akwai dalilin da ya sa na zaɓi bango ruwan toka maimakon shago mai fitilu. Sabon wuri da haskensa yake zuwa. Idan ka nemi shago mai fitilu rawaya, ko faɗuwar rana, manhajar za ta watsa wannan hasken a kan rigar don hoton ya yi kama da gaske, kuma shuɗi idan rawaya ta hau shi kore yake komawa. Abin da ya sami ƙanwata ke nan. Haka nan idan rana ta bugi rigar daga hagu a hoton asali, sai ka nemi wurin da tagarsa ke dama, dole ɗaya ya ba da kai: ko a sake zana inuwar rigar, ko hoton ya fito kamar an liƙa ta da gam. Don haka kafin ka rubuta komai, kalli hotonka ka ga ta ina haske ya shigo, ka faɗa mata.

To, idan abu ɗaya kake son cirewa fa? A wannan hoton dai, akwai tef ɗin awo da ta manta a kafaɗar rigar, ga kuma bokitin a ƙasa ta hannun dama. Mutane suna ɗauka aiki ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne. Bokitin a kan siminti yake, idan an cire shi siminti za a cike wurin da shi, ba wanda ya cutu. Umarninsa gajere ne:

```
Remove only the red bucket at the bottom right and its shadow.
Fill the spot with the same floor. Change nothing else.
```

Ka faɗi launinsa, ka faɗi inda yake, ka haɗa da inuwarsa, in ba haka ba sai bokiti ya tafi inuwa ta zauna. Ka kuma faɗi abin da zai maye gurbin, don kada a dasa maka tukunyar fulawa. Amma tef ɗin a kan atamfar yake kwance. Kyamara ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba, saboda haka duk zanen da zai bayyana a wurin ƙirƙira ce. Babu umarnin da zai gyara wannan. Maganinsa ka tashi ka cire tef ɗin da hannunka ka sake ɗaukar hoto. Minti ɗaya ne.

Wani kuskuren da nake yawan gani shi ne gyara a kan gyara. Ka canza bayan, ka ce a cire bokiti, ka ce a ƙara haske, duk a hira ɗaya. Kowane zagaye sabon zane ne a kan zanen baya, kamar fotokwafin fotokwafi. A zagaye na huɗu rigar ta yi nisa da ta gaske, kai kuma ba ka lura ba don kaɗan-kaɗan ta riƙa zamewa. Idan sakamako bai yi ba, kada ka ce "gyara". Buɗe sabuwar hira, sake ɗora hoton asali, ka gyara umarnin. Hoton asalin kuma ya zama wanda ke cikin wayar da ta ɗauka, ba wanda ya bi ta WhatsApp aka matse shi ba. Idan dole a turo maka, a turo shi ta Document. Hoton da ya dushe, manhajar hasashen zanensa za ta yi.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ai sababbin manhajojin sun ƙware, ba sai an yi wannan dogon Turancin ba." Gaskiya ne sun yi gaba sosai. Tun da Google ta fito da Nano Banana a cikin Gemini a watan Agustan 2025, riƙe kamannin mutum da na kaya ya fi da. Amma ƙwarewar nan ce ta sa nake ƙara jan kunne. Da can idan AI ya ɓata hoto, kowa yana gani, ga yatsu shida ga fuska a karkace. Yanzu kuskuren a ɓoye yake zuwa, cikin hoto mai kyau, sai kaya sun isa hannun mai su a gane. Wasu kuma za su ce kwastoma ba ta ƙirga botiri. Mai sayen atamfa? Wadda za ta zagaye Kantin Kwari tana neman shuɗin da ya yi daidai da ankon biki? Ita ce ma ta fi ka gani.

Saboda haka kada ka saka hoto sai ka tantance shi. Ajiye sabon kusa da na asali a wayarka, ka riƙa jan su baya da gaba da yatsa kana kallon rigar kawai. Duk abin da ya motsa ko ya yi tsalle, an taɓa shi. Sannan ka yi zumin a wurare uku: inda ake iya ƙirgawa kamar botira da layin aiki, inda akwai rubutu kamar lamba ko sunan kamfani a bakin zane, da kuma gefen rigar inda ta haɗu da sabon bango. Rubutu shi ne ya fi saurin tona asiri, don haruffa sukan narke su zama wani abu dabam. Idan mutum ne a hoton, ƙara da haƙora, kunne, da zanen hula.

Idan ka gwada sau biyu ko uku daga hoton asali kuma zanen bai tsaya ba, ka bar hira. Koma wa manhajojin da ke yanka da gaske, irin su Photoroom ko remove.bg, waɗanda ke ware kayan su bar maka ainihin abin da kyamara ta ɗauka, ka ɗora shi a kan farin bango. Ga ƙaramin abu irin bokiti kuwa, akwai Magic Eraser a Google Photos, da Object eraser a wayoyin Samsung da dama, inda kake zagaye abin da yatsa a yi aiki a wurin. Hoton ba zai yi ƙyalli kamar na shagon Dubai ba, gefensa ma wani lokacin sai ka ga ɗan yanka. Amma rigar da ke ciki ita ce rigar da za a kai.

Iyakar da na ja wa kaina ita ce: hoton nishaɗi, yi yadda kake so, sa kanka a gaban dala ta Masar idan ka ga dama. Hoton da wani zai kalla ya ciro kuɗinsa kuwa, bayansa kaɗai kake da ikon canzawa. Launi da zane da adadi amanar mai saye ce.

Ƙanwata yanzu ta sayi yadi biyu na farin zane ta kafa a bangon ɗaki, a gabansa take ɗaukar hoto da hantsi. Ta ce tun daga lokacin ba kasafai take buƙatar umarnin ba ma. Wanda ke da hoton da AI ya canza masa kaya ba da izini ba, ya duba umarnin da ya rubuta, ya ƙirga kalmomi nawa ya ba wa gadi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in sha Allahu.