Ƙayyade farashi: Wa zai biya cikon naira 26 ɗin?

A watan Fabrairun 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta umarci gwamnatin tarayya ta ƙayyade farashin wasu kayayyaki cikin kwana bakwai, bayan ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar. Kayan sun haɗa da madara, fulawa, gishiri, sukari, ashana, babura da man fetur, kuma hukuncin ya jingina ne da dokar ƙayyade farashi ta 1977. Jama'a da dama sun yi murna, kuma babu laifin mai murna, domin duk wanda ke shiga kasuwa ya san yadda kuɗin cefane ke narkewa a hannu. Har yanzu, duk lokacin da tsada ta yi tsanani, kiran da ake fara ji shi ne gwamnati ta yanka farashi, ta kama duk wanda ya wuce shi.

Sai dai Najeriya ta taɓa gwada wannan magani shekara da shekaru a kan man fetur. Abin da ya faru a watan Disambar 2017 ya isa a tsaya a duba kafin a sake neman a shafa maganin a kan abinci.

A watan Mayun 2016 gwamnati ta ɗaga farashin litar fetur daga naira 86 da kwabo 50, ta ce kada kowane gidan mai ya sayar sama da naira 145. A lokacin wannan iyaka ba ta takura kowa ba. Gangar ɗanyen mai tana ƙasa da dala 50, don haka ɗan kasuwa zai iya shigo da tataccen mai daga waje, ya biya kuɗin jirgi da na daffo da na tanka, ya kuma fita da 'yar ribarsa. Dogayen layukan da aka sha fama da su a farkon shekarar suka watse. Iyakar da ke sama da farashin da kasuwa za ta tsaya a kai da kanta ba ta cutar da kowa, don kuwa babu aikin da take yi.

Daga nan ɗanyen mai ya fara tashi. Zuwa ƙarshen 2017 ganga ta haura dala 60, amma 145 ɗin tana nan inda aka kafe ta. Ƙaramin ministan man fetur na lokacin, Ibe Kachikwu, ya bayyana cewa kuɗin sauke lita ɗaya a Najeriya ya kai naira 171. Ke nan duk litar da ɗan kasuwa ya shigo da ita, ya yi asarar naira 26 tun kafin a yi maganar dakon mai ko ribar gidan mai. Tanka ɗaya mai cin lita 33,000 asarar naira 858,000 ce. Babu mai hankalin da zai ci bashin banki don ya yi irin wannan ciniki, saboda haka 'yan kasuwa masu zaman kansu suka janye daga shigo da mai, aka bar kamfanin NNPC shi kaɗai da nauyin ƙasa baki ɗaya. Da bukatar mai ta ƙaru a lokacin tafiye-tafiyen Kirsimeti, sai layi ya dawo daga Legas har Maiduguri.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Doka tana iya hana mutum sayarwa da tsada, amma ba ta iya tilasta masa ya kawo kayan da zai faɗi a kansu. Farashin da aka danne yana cin kasuwa ta fuska biyu a lokaci guda: mai kawowa ya rage, mai saye ya ƙaru. Masu sayen fetur ɗin Najeriya kuwa ba 'yan Najeriya kaɗai ba ne. Tunda lita ta fi araha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Nijar da Benin da Kamaru, man yakan bi jarkoki ya tsallaka iyaka. Wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Birnin Ƙonni ya san kwalaben fetur da ake jerawa a bakin titi. Abin ya kai a 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya fi ƙuntata wa mazauna garuruwan iyakar, waɗanda ba su ci ba su sha ba.

Idan kaya suka gaza, dole a raba su ta wata hanya. In an hana farashi yin rabon, sai layi ya yi, ko sanayya, ko cin hanci. A ce ga mai Keke Napep da ke bukatar lita goma. A famfo kuɗinsa naira 1,450 ne, amma sai ya kwana a layi ko ya kashe rabin yini, wanda a ciki zai iya rasa cinikin naira dubu biyu. A wajen 'yan bunburutu da ke tsallaken titi, a ce lita naira 300, zai biya 3,000 ya wuce nan take. Ta kowace hanya ya bi, bai sayi mai a kan 145 ba. Bambancin kawai shi ne ƙarin da ya biya bai je wa mai shigo da mai ba, balle ya zaburar da shi ya ƙaro. Ya tafi ne aljihun wanda ya san manajan gidan mai, ko kuma ya ƙone a banza cikin rana. Mai hali kuwa direbansa yake turawa layin.

A irin wannan lokaci hukumomi kan fito da ƙarfinsu, su rufe gidajen mai, su tilasta sayar da abin da aka samu a tankin ƙasa, wani lokaci ma a raba wa jama'a kyauta a gaban kyamara. Gaskiya ne akwai masu ɓoye mai, kuma ba tsarkaka ba ne. Amma ɓoyo yakan biyo bayan ƙaranci, ba shi ke haifar da shi ba. Mutum yana ɓoye abin da ya san gobe zai fi daraja ne, ko abin da ba shi da tabbacin zai samu wani in ya sayar. Shaida tana nan a cikin gidan man kansa. Man dizal ana shigo da shi ta tashar ruwa ɗaya, a ajiye a daffo ɗaya, 'yan kasuwa ɗaya ke sayar da shi. Tunda an daɗe da sakin farashinsa, ya fi fetur tsada a lokacin, amma ba a kwana a layinsa ba. Da haɗama ce kaɗai matsalar, da ta kama famfon dizal ma.

Wannan ce hanya mafi sauƙi ta gane ƙarancin da ƙayyade farashi ya jawo. Kayan sun ɓace a inda ake sayarwa da farashin gwamnati, amma suna nan jingim a lungu da wani farashin. In kuwa ainihin kayan ne babu, kamar shekarar fari, to ko a lungun ma ba za a gan su da yawa ba.

Ta yaya layin 2017 ya ƙare alhali ba a taɓa 145 ɗin ba? NNPC ya ci gaba da shigo da mai yana haɗiye asarar, yana cirewa daga kuɗin da ya kamata su shiga asusun tarayya a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi. Wato an samu mai biyan naira 26 ɗin. Giɓin ya yi ta faɗaɗa har tallafin shekarar 2022 kaɗai ya haura naira tiriliyan 4, kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire shi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Raɗaɗin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne, kuma babu adalci a raina shi. Amma ya nuna cewa arahar da aka yi shekaru ana gani ba umarnin gwamnati ya samar da ita ba, kuɗin gwamnati ne.

Ba a ce kowace iyaka ɓarna ce ba. Inda mai sayarwa ɗaya ne tilo, kamar kamfanin rarraba wutar lantarki a yankinsa, ko inda 'yan kasuwa ƙalilan suka haɗa baki, ribar da ake ci ta wuce kuɗin samarwa sosai, kuma ana iya rage ta ba tare da kaya sun ɓace ba. Ko a fiƙihu an san cewa Manzon Allah (SAW) bai amince ya yanka farashi ba lokacin da tsada ta taso a Madina, yayin da malamai irin su Ibn Taimiyya suka halatta shi inda aka samu babakere ko haɗin baki. Aikin hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ke nan: ta tabbatar da haɗin bakin da hujja, ta hukunta.

Akwai kuma kishiyar lamarin, wato gwamnati ta sa mafi ƙarancin farashin da za a sayi kaya don ta kare manomi. Sakamakon ma kishiya ne: kaya su yi yawa, mai saye ya gudu. A 2011 gwamnatin Yingluck Shinawatra a Tailan ta yi alƙawarin sayen shinkafar manoma a kan baht 15,000 kowane tan, sama da farashin kasuwa sosai. Manoma suka ƙara noma, shinkafar Tailan ta yi tsada a duniya, masu saye suka koma Indiya da Biyetnam. A 2012 Tailan ta rasa matsayinta na ƙasar da ta fi kowa fitar da shinkafa, kusan tan miliyan 18 suka taru a rumbunan gwamnati, wasu suna lalacewa. Zuwa farkon 2014 manoman da aka ce ana karewa suna kan titi suna neman kuɗinsu na watanni.

Masu neman a yanka farashin abinci a Najeriya suna da tambayar da ya kamata su amsa da lissafi. A kan fetur akwai NNPC da ya ɗauki asara, kuma mai yana shigowa ta tashoshi ƙalilan da ake iya ƙirgawa. Masara da gero ba su da irin wannan kamfani. Miliyoyin manoma ke noma su, dubban 'yan sari ke kai su kasuwa. In aka sa wa buhun masara farashin da bai biya kuɗin taki da na haya da na dako ba, buhun zai daina zuwa Dawanau, ya nemi hanyar iyaka ko ya zauna a rumbu. Manomin da ya ji jiki a bana kuwa, baɗi waken suya ko riɗi zai shuka, kuma babu jami'in da zai iya rufe gonar da ba a shuka masara a cikinta ba.