Kafin a ɗora tanki a sama a Gombe, a fara yin lissafi

Ma'aikacin da ke zaune a Abuja yana gina gida a Tumfure ko Pantami yakan samu kira daga mai kula da aikin: a turo kuɗin ƙarfe, za a ɗora tanki mai lita 5,000 a sama. Yawanci yakan tura, domin dogon tanki ya zama alamar gida ya kammala. Wannan shawara ta cancanci a sake dubanta.

Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kuma ba kullum yake isa kowace unguwa ba. Ranar da ya zo ma, sau da yawa ba shi da ƙarfin hawa mita shida. Tankin da ke ƙasa zai sha ko da ruwan ɗiga yake yi cikin dare, na sama kuwa sai ya kwana a bushe.

Girman tanki daga mutanen gida ake gano shi. Gida mai mutum takwas, kowa na cin lita 50 a yini wajen wanka, wanki, girki da alwala, yana buƙatar lita 400. Idan famfo kan ɗauke kwana biyar, ajiyar ta kama lita 2,000, wato jarka 80 masu lita 25. A ƙara rabin haka saboda baƙin biki da zafin watan Afrilu, ya zama 3,000.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ɗora lita 3,000 a sama na nufin rataye tan uku a kan ƙarfen da mai walda ya haɗa da ido, a garin da ƙasarsa ta yi suna wajen zaizaya. Idan ƙafa ɗaya ta fara nutsewa bayan damina, ko tsatsa ta bayyana a mahaɗar walda, a kwashe ruwan tun kafin ya sauko da kansa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba ajiyar. Lita 2,000 ta zauna a ƙasa kan daɓen siminti mai laushin fuska, cikin inuwa, nesa da ramin masai, inda tiyon motar tanka zai kai. Lita 1,000 ta hau sama, gindinta ya ɗara kan shawa da kamar mita uku. Ƙaramin inji mai rabin doki da ke tura lita 25 a minti zai cika ta cikin minti 40, ta riƙe gidan kwana biyu da rabi.

Masu cewa tankin ƙasa da inji kaɗai sun wadatar sun manta da halin wutar JED: da ta ɗauke, famfon banɗaki ya tsaya alhali ruwa na nan fal. Injin kansa yana da maƙiyi guda, wato juyawa babu ruwa, don haka a sa masa makunni mai yawo a cikin tankin ƙasa, wanda zai kashe shi idan ruwa ya kusa ƙarewa.