Daƙiƙa talatin ɗin mai tumatir

Jama'a, kwanan nan wani ɗan'uwa mai kawo tumatir daga Kadawa zuwa Abuja ya nuna mini rubutun bidiyon tallarsa, sai na tarar ya ƙarar da rabin lokacin a kan gaisuwa da kirarin gonarsa. Na ce masa ma'aikaciyar da ke duba waya cikin cunkoson Nyanya ba za ta jira ba. Daƙiƙa talatin ba ta ɗaukar fiye da kalmomi saba'in, don haka jimlar farko ta faɗi ranar tsinka: "Jiya da asuba aka tsinke shi." A daidai nan a nuna hannu ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya matsa ta ba ta lotsa ba, hancinta kore shar, sannan wuƙa ta raba ta biyu. Wannan ya fi a ce "sabo fil" sau goma, domin kowane mai talla haka yake cewa. Ni dai na fi son a juye kwandon gaba ɗaya a gaban kyamara, tunda duk wanda ya taɓa sayen kwando ya san a ƙasa ake ɓoye ruɓaɓɓe. Batun kai kaya kuma, a bar "nan take". A ce wanda ya yi oda kafin ƙarfe 8 na dare zai karɓa gobe kafin azahar a Wuse da Garki, kuɗin kaiwa kaza ne, kuma abin da ya fashe a hanya za a musanya shi. Lambar waya ta zauna a kan allo tun daga farko, saboda da yawa a ofis suke kallo, sun kashe sauti.