Cajar GaN: ƙanƙanta gaskiya ce, amma maganar "ba ta zafi" a bi ta a hankali

Tun da na saki bidiyon cajar nan mai wat 65, tambayar da ta fi yawa ita ce: wai da gaske ba ta zafi? Ƙanena ma daga Kano ya turo min saƙon murya, "Yaya, idan za ka aiko a haɗo min da irin ta, wadda ba ta zafi." To kafin ya zuba kuɗinsa, ko in ce kuɗina, bari mu warware maganar.

Ni abin da ya sa na saya ba wani abu ba ne illa nauyin jaka. Daga Bowie nake shiga jirgin ƙasa zuwa Washington wasu ranakun, kuma tsohuwar cajar laftof ɗina kamar rabin bulo take. Sabuwar tana shiga aljihun riga, ga ta tana cajin laftof da waya. Amma daren farko da na bar ta tana aiki kusan awa guda, na kai hannu na taɓa, sai na ji ta da ɗumi sosai, har na yi zaton an sayar min da jabu. Ba jabu ba ce. Ga abin da ke faruwa.

Kowace cajar zamani aikinta ɗaya: ta karɓi wutar bango, bolt 120 a nan Amurka, kusan 230 a Najeriya, ta sauke ta zuwa bolt 5 ko 9 ko 20 da na'urarka ke so. Mai sauke wutar shi ne taransifoma, ƙaramin ɗan'uwan wanda ke bakin layinku. Wutar bango tana juyawa sau 50 ne kacal a daƙiƙa a gida, sau 60 a nan, kuma taransifoman da zai yi aiki da wannan jinkirin dole ya zama ƙato mai nauyi. Shi ya sa a cikin caja ake sa wani makunni, wato taransisto, da ke kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, yana yanka wutar gunduwa-gunduwa kafin ta shiga taransifoman. Kamar ɗiban ruwa ne a cika randa: in sau ɗaya za ka je rijiya sai da babbar jarka, in kuwa za ka yi sawu ɗari cikin sauri, ɗan kofi ma ya isa. Yawan sawu shi ke ba da damar ƙaramin taransifoma.

To me ya hana a ƙara wa tsohon makunnin sauri? An yi shi da silikon ne, kuma duk kunnawa da kashewa ɗaya yana zubar da ɗan ƙarfi, ya koma zafi. Ka ninka saurin, ka ninka wannan asarar. Saboda haka yawancin cajojin silikon suna tsayawa a wajen sau dubu 65 zuwa dubu 100 a daƙiƙa.

Nan galiyom naitiraid ya shigo, wanda ake rubutawa GaN a jikin kwali. Sinadari ne da aka haɗa daga ƙarfen galiyom da iskar naitirojin, kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu: shi ne tushen farin ƙwan sola da na tocila. A kan shuɗin ƙwan da aka yi da shi ne Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci kyautar Nobel a 2014. Abin da ya bambanta shi da silikon, yana jure matsin wuta mai yawa a ɗan siririn wuri, kusan ninki goma. Don haka makunnin da zai tare bolt 650 ana iya yin sa ɗan mitsitsi, wuta ta ratsa gajeriyar hanya ba tare da turjiya mai yawa ba, kuma ya kunnu ya mutu nan take. Asarar kowane sawu ta ragu, sai a tura saurin zuwa dubu ɗari biyu, uku, ko fiye, taransifoma ya tsuke, caja ta tsuke.

Yanzu ga lissafin da ya ba ni amsar daren nan. Mu ɗauka tsohuwar caja tana isar da kashi 88 cikin ɗari na wutar da ta ja, sabuwar kuma kashi 93. Don ba laftof wat 65, tsohuwar za ta ja kusan wat 74, tara su zama zafi. Sabuwar za ta ja kusan 70, biyar su zama zafi. An rage kusan rabi, wannan ba ƙarya. Sai na ɗauko rula na auna. Tsohuwar santimita 11 ce da 5 da 3, faɗin jikinta duka ya kai murabba'i 206. Sabuwar 6 da 4 da 3, murabba'i 108. Kun gani? Zafi ya ragu da rabi, jikin da zai fitar da shi ma ya ragu da rabi. Hannunka kuwa ba ya auna jimillar zafin, abin da ke ƙarƙashin yatsa kawai yake ji. Kamfanoni sun karɓi ribar da GaN ya kawo sun kashe ta wajen ƙanƙanta, domin ƙanƙanta ita ke sayar da kaya.

Wannan ne ya sa ba zan saya wa ƙanena mafi ƙanƙantar caja a kasuwa ba. A cikin kowace caja akwai babban kafasito mai ruwa-ruwa a ciki, mai daidaita wutar bango, kuma shi GaN bai rage masa komai ba, tunda da jinkirin wutar bango yake aiki. Shi ne ya fi tsoron zafi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10, tsawon ransa na raguwa da kusan rabi. Ɗakina a Bowie yana wajen digiri 22. Ɗakin ƙanena a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, yana iya kusantar 40, kuma na san shi, a kan katifa yake jefa caja ya ɗora filo. Caja iri ɗaya, amma tasa za ta riga tawa tsufa nesa ba kusa ba.

Don haka ra'ayina: in wayarka wat 20 ko 25 take ja, kada ka ƙara ko sisi saboda an rubuta GaN. Asarar wajen wat uku ce kacal ko da silikon ne, kuma GaN ba ya ƙara saurin caji. Waya ce ke faɗin iya abin da za ta karɓa. Daga wat 65 zuwa sama, mai laftof, a nan kuɗin ke biyan kansa. Ko a nan ɗin, in ka samu biyu masu wat ɗaya daga kamfanin da ka yarda da shi, ɗauki wadda ta ɗan fi jiki.

Ka duba ƙananan rubutun bayanta ka ga `100-240V`, sannan ka lura da rabon wutar: mai ramuka biyu da aka rubuta wa 65, da ka sa na'ura ta biyu yawanci sai ta koma 45 da 20. Rubutun GaN kansa kowa na iya buga shi a kwali, ba ka da hanyar gani sai ka fasa ta. Ɗumin da za ka iya riƙewa a tafin hannu ba matsala ba ne. In ta kai ba ka iya riƙe ta, ko tana ƙauri, ko caji na yankewa yana dawowa, cire ta daga soket.

Ta ƙanena na zaɓo mai wat 65 mai ɗan kauri, mai ƙafa uku irin na soket ɗin gida, don kada ya haɗa ta da adaftan nan mai lilo. Filon kuma na ce masa ya nema masa wani wurin.